Oga ya ce na cika saurin yarda, manaja kuma ya ce ina masa kallon ɓarawo

Zainab M.

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na fara aikin odit, kuma yau na dawo gida kaina a ɗaure. Na sauya lambobin kaɗan saboda sirrin aiki, sunan kamfanin ma ba zan faɗa ba.

Shekararsu tana ƙarewa 31 ga Disamba. Ina duba cinikin kwanakin ƙarshe sai na ci karo da inbois guda na miliyan 48, katon 4,000, an rubuta shi ranar 30 ga Disamba. Ribarsu kafin haraji miliyan 150 ce, mizanin da muka sa na kuskuren da ba za a kau da kai a kansa ba kuma miliyan 7.5. Na nemi webil, aka ba ni, kwanan wata ɗaya da inbois ɗin. Da na leƙa littafin masu gadi na bakin get, sai na ga motar da ta ɗauki kayan ba ta fita ba sai 9 ga Janairu. Na tambayi manajan kuɗi, ya ce mai sayen ne ya roƙa a ajiye masa kayan saboda sitonsa ya cika. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɓoye mana komai ba. Na rubuta bayaninsa a fayil, na wuce.

Da ogana ya duba fayil ɗin, ya yi mini jan biro: "Ina tababarki ta sana'a? Wa ya tabbatar da wannan?" Na ji haushi, na koma ofishin manajan na ce masa, gaban yaransa, "Wannan cinikin kamar an cusa shi ne don a kumbura riba." Ya miƙe ya ce a shekara goma sha biyu ba a taɓa ce masa ɓarawo ba. Ya kira ogana. Oga ya sake yi mini faɗa, wai ba a aiko ni in zargi kowa ba.

To don Allah ina tsakiyar take? In na yarda laifi, in na ƙi yarda laifi.

Auwal Ɗan Kasuwa

Wa alaikumus salam. Ni dai shawarata kada ku sake ba mutumin nan kaya bashi sai ya biya na baya. Wanda ya sayi kayan miliyan 48 ba shi da wurin ajiya, da alamar tambaya a kansa.

Zainab M.

Malam Auwal, ba mu ne masu sayarwa ba. Mu asusun kamfanin muke bincika daga waje.

Auwal Ɗan Kasuwa

Au, na gane. A yi haƙuri. Amma dai alamar tambayar tana nan.

Kabiru S.

Ƙanwata, karo na biyu ne kika yi daidai, kawai dai kin faɗi a fili abin da ake riƙewa a ciki. Ni ƙa'idata guda ce: duk wanda na shiga ofishinsa maƙaryaci ne har sai takarda ta wanke shi. Dubi kamfanin Wirecard a Jamus. A 2020 aka wayi gari Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankuna biyu na Filifin babu su babu dalilinsu. Da masu fara'a aka yi wannan aikin, ba da masu ɗaure fuska ba. Ogan naki tsoron rasa kwastoma ne ya sa ya yi miki faɗa na biyu.

Hajiya Rabi

Kabiru, bari in ba ka labari daga ɗaya ɓangaren teburin, don ni shekara goma sha shida ina shugabar sashen akanta, odita iri-iri sun zauna a gabana. Akwai shekarar da aka turo mana wani yaro mai irin ƙa'idarka. Ranar farko ya tambayi mai kula da ƙaramin kuɗin ofis ko albashinta ne ya saya mata wayar da ke hannunta. Daga ranar babu wanda ya ƙara ce masa komai sai abin da ya tambaya, harafi da harafi. Alhali akwai wata matsala ta gaske a lissafin kayan da suka lalace a sito, wadda yarana suka saba gaya wa masu odit da bakinsu ana hira. Shi bai ji ba. Ya ƙare sati uku yana ƙirga rasit na man janareta, ya tafi. Ni ce na ɗaga maganar daga baya wajen ogansa.

Zainab, da ni kika yi wa wannan maganar gaban yarana, da kin ga ɓacin rai fiye da nasa.

Lawal Akanta

Zainab 'yata, ogan naki bai yi miki magana biyu ba. Kuskure ɗaya kika yi sau biyu. Da farko kin kalli mutumin, kika ga mai kirki ne, kika karɓi maganarsa. Daga baya kin sake kallon mutumin, kika ce maƙaryaci ne. Duka biyun hukunci kika yanke a kan halinsa, kuma ba a aike ki auna halin kowa ba. Abin da ke gabanki magana ce guda: wai a ranar 30 ga Disamba katon 4,000 sun zama mallakin mai saye. Tababar sana'a a kan wannan maganar ake yinta, da kuma hujjar da aka kafa ta a kai. Ko da manajan waliyyi ne, bayaninsa na baki bai isa ya ɗauki miliyan 48 ba, domin waliyyi ma yana mantuwa, kuma yana iya faɗin abin da wani na ƙasa da shi ya gaya masa. Ko da kuma ɗan damfara ne, wannan cinikin guda yana iya zama na gaskiya.

Ki lura da abin da kika riƙe a hannu. Inbois daga kwamfutar kamfanin ya fito. Webil su suka rubuta. Bayanin manaja daga bakinsu. Uku ke nan, amma rijiya ɗaya aka ɗebo su. Takarda ɗaya tilo da ba mai neman ciniki ya rubuta ba ita ce littafin mai gadi, kuma ita ce ta saɓa wa sauran. Kin yi ƙoƙari da kika leƙa shi, da yawa ba sa zuwa bakin get. Inda kika faɗi shi ne da kika bari maganar baki ta shafe rubutun da ya saɓa mata.

Kabiru S.

Ranka ya daɗe, da girmamawa, ai ita kanta ƙa'idar odit ta duniya, ISA 240, cewa ta yi a ɗauka akwai haɗarin zamba a lissafin ciniki tun kafin a ga komai. Kuma ta ce kada gaskiyar da ka sani ta shugabannin kamfani a shekarun baya ta sa ka saki jiki. Wannan ba shi ne abin da nake faɗi ba?

Lawal Akanta

Ka karanta daidai, Kabiru, amma rabin shafin. Abin da aka ce ka ɗauka shi ne akwai haɗari a wannan layin na asusu, domin nan ne wurin da ya fi sauƙin kumburawa a kowane kamfani. Wannan yana gaya maka inda za ka zuba lokacinka. Bai ce maka wane ɓarawo ne ba. A cikin ƙa'idojin nan dai, ISA 200 ta ce odita yana iya karɓar takardu da bayanan ajiya a matsayin na gaskiya matuƙar ba shi da dalilin zaton akasin haka. Ka haɗa biyun: ba ka fara da cewa takardar jabu ce, amma idonka a buɗe yake, kuma da zarar wani abu ya saɓa, ba ka da izinin wucewa.

Yanzu mu gwada ƙa'idarka a aikace. Ka ce kowa maƙaryaci ne har takarda ta wanke shi. Wace takarda? Kusan duk abin da ke fayil ɗinka daga hannunsu ya fito, har jerin sunayen kwastomomin da za ka rubuta wa wasiƙa. In da gaske ka ɗauke su maƙaryata, babu takardar da za ta wanke su, kuma ba za ka gama odit ko ɗaya ba. Ƙa'ida ma ta san da wannan matsayin. In shakkar da kake yi wa amanar shugabanni ta kai ka ga wasiƙar da suke sa wa hannu a ƙarshen aiki ba abin dogaro ba ce, ISA 580 ba ta ce ka ƙara yawan samfur ba, cewa ta yi ba za ka iya ba da ra'ayi a kan asusun ba. Rashin yarda da mutum wurin da aiki yake tsayawa ne, ba hanyar yin aikin ba.

Akwai kuma abin da na gani da idona a wajen masu irin wannan ra'ayin. Babu mai iya zargin kowa da kowa daga safe har yamma, gajiya ake yi. A ƙarshe zarginsu fuska yake bi. Akantan da ke in'ina in an tambaye shi, ko mai saurin fushi, shi za a tasa a gaba. Darakta mai santsin baki da ya kawo fayil a tsare da launi-launi, sai a ce wannan ya san aikinsa.

Kabiru S.

Na karɓi maganar fuska, na taɓa faɗawa ciki. Amma ban sauka daga kan cewa gara ka yi zato ka ji kunya da ka yarda da mutum har a rufe kamfaninku ba.

Nura B.

Zainab, ni shekara biyar kawai na fi ki a aikin, bari in faɗa miki abin da zan yi gobe da safe in ni ne.

Abin da manajan ya faɗa ba baƙon abu ba ne. Ƙa'idar lissafin ciniki ta IFRS 15 ta yarda a rubuta ciniki alhali kaya suna sitonka, amma da sharuɗɗa: dalilin ajiyar ya zama na gaske, misali mai sayen ne ya nema, kayan a ware su a san na wane ne, su zama a shirye suke a ɗauka, kuma kamfanin ba shi da ikon amfani da su ko ya ba wani kwastoma. Ki ga yadda wannan ya sauƙaƙa miki. Ba sai kin ce masa ya yi ƙarya ko ya yi gaskiya ba. Ki ce, "Yallaɓai, bayanin da ka ba ni yana da gurbi a ƙa'ida, amma fayil ɗina yana buƙatar abin da zai tsaya a kai. Ina roƙon da mai sayen ya rubuto? Wa ya karɓa? A ina aka ware kayan?" In gaskiya ya faɗa, tambayar ba ta ci masa mutunci ba, taimakonsa ma kika yi. In ba gaskiya ba ce, tambayar nan ɗin dai ita za ta kama shi. Kalma ɗaya ba za ki sauya ba.

Sannan kada ki tsaya a ofishinsa. Ki je wajen mai kula da sito ki tambaye shi, ba tare da kin ɗora masa amsa a baki ba. Kada ki ce "an ware kayan wane, ko?" Ki ce "kayan nan da suka fita ranar 9, ina suke zaune kafin nan?" Ki duba abin da ya faru bayan shekara: an biya kuɗin? An dawo da wani abu? An rubuta takardar ragin bashi a Janairu ko Fabrairu? Kun aika wa mai sayen wasiƙar tabbatar da bashi?

Zainab M.

Yaya Nura, mun aika, kuma amsa ta dawo, ya tabbatar da miliyan 48 cif. Shi ya sa ma da farko hankalina ya kwanta. Manajan tallace-tallace ne ya turo mini ita ta imel, ya ce mutumin wajensa ya aiko saboda sun fi sabawa.

Lawal Akanta

Tsaya nan. Wannan ya fi littafin mai gadi damuna. Darajar wasiƙar tabbatarwa gaba ɗaya a hanyar da ta bi take. ISA 505 ta ce odita ne zai riƙe ragamarta: shi zai tantance adireshi, shi zai aika, kuma amsa wajensa za ta dawo kai tsaye. Da zarar ta bi ta hannun wanda ake bincika, ta tashi daga shaidar waje, ta koma takarda ta huɗu daga rijiyar nan. Ba na cewa manajan tallan ya taɓa ta. Ina cewa ba ki da hanyar sanin bai taɓa ba, kuma wannan kaɗai ya isa.

A Disamba 2003 kamfanin madara na Italiya, Parmalat, ya rushe ne bayan Bank of America ya ce takardar da ke nuna wani reshen kamfanin mai suna Bonlat yana da kusan Yuro biliyan 3.95 a wajensu ta jabu ce. Asusun babu shi. Takarda ce mai tambarin banki da sa hannu, tana zaune a fayil ɗin odit. Wanda ya tsaya kan abin da aka rubuta a jikinta zai gamsu. Tambayar da ke kama irin wannan ita ce ta wace hanya ta iso, kuma wa ya ba da adireshin.

Ki sake aikawa. Adireshin kada ki ɗauke shi daga ƙasan imel ɗin da aka turo miki, ki samo shi daga wani wuri da ba su suka ba ki ba, ki kira babban layin kamfanin ki nemi sashen akantansu. Kuma kada ki tambayi adadin bashi kawai. Ki tambaya: yaushe kuka karɓi kayan, ku kuka nemi a ajiye, akwai yarjejeniyar dawo da abin da bai sayu ba? Mutum yana iya tabbatar da miliyan 48 da zuciya ɗaya alhali an yi masa alkawarin baki cewa zai iya dawo da rabi.

Hajiya Rabi

Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ni a matsayina na wadda ake bincika ba ya ɓata mini rai. Odita ya ce mini "Hajiya, ƙa'idarmu ce amsa ta zo mana kai tsaye," shi ke nan, na san ba ni ake nufi ba, kowa haka ake masa. Abin da ke ƙona rai shi ne a nuna ni ce aka ware.

Amma Malam Lawal, ku ma ku riƙa faɗin gaskiya. Sau nawa ake ba yaran nan kwana goma su yi aikin wata guda? Yarinya ta ga abin da ya saɓa ranar Alhamis, an ce fayil ya rufu Juma'a, me kake tsammani? Bayanin manaja shi ne hanya mafi kusa zuwa gida.

Lawal Akanta

Hajiya, ba ni da ta cewa, kin taɓo inda yake ciwo. Mafi yawan rashin tababar da na gani ba daga sakarci ya zo ba, daga agogo ya zo, da kuma sabo. Ka shekara takwas kana zuwa wuri, ka san sunan 'ya'yan kowa, bara an ba ka wannan bayanin ya zama gaskiya. Sai ka shiga neman abin da zai gaskata lambar da aka ba ka, maimakon ka tambayi kanka: in lambar nan ba daidai ba ce, a ina alamar za ta fito? Laifin nan na manya ne kafin ya zama na yara.

Tsohuwar magana ce a sana'ar. A shari'ar Kingston Cotton Mill ta 1896 a Ingila, masu odit sun dogara da takardar da manaja ya sa wa hannu kan yawan kayan sito, ashe ya yi shekaru yana kumbura ta. Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su, alƙali Lopes ya kwatanta odita da karen gadi, ba karen farauta ba. Har yau ana jawo maganar don a kare lalaci. Amma bayan badaƙalar McKesson & Robbins a Amurka a 1938, inda aka tarar da kayan sito da basussuka na kusan dala miliyan 19 da babu su sai a takarda, sai aka mayar da halartar ƙirgar kaya da rubuta wa masu bashi cikin aikin da ake sa ran odita ya yi. Ba a ce odita ya koma ɗan sanda ba. An dai ce takardar manaja ita kaɗai ta daina isa.

Wannan ya tuna mini. Zainab, kun halarci ƙirgar kaya ranar 31? Ɗauko takardun ƙirgar.

Zainab M.

Na dawo, kwana huɗu ke nan. Na fara da ba manajan haƙuri a kan kalmar da na yi amfani da ita, ya karɓa, ko da yake har yanzu gaisuwarmu a taƙaice take.

Ga abin da na samu. Mai sayen ya amsa mana kai tsaye: bashin miliyan 48 gaskiya ne, su suka nemi a ajiye, kayan sun iso musu 9 ga Janairu. Tambayar dawo da kaya ba su amsa ta ba, sun bar wurin babu komai. Sun biya miliyan 28 a Fabrairu, na gani a takardar banki. Saura 20 ba a biya ba tukuna, kuma ban ga takardar ragin bashi ba. Manajan ya kawo wasiƙar roƙon ajiyar, mai kwanan wata 28 ga Disamba.

Har na fara jin kunyar kaina. Sai na buɗe takardun ƙirga kamar yadda Baba Lawal ya ce. Katon 4,000 ɗin suna ciki. An ƙirga su a matsayin kayan kamfanin, kuɗin sayensu miliyan 36. Mai kula da sito ya ce ba wanda ya gaya masa an sayar, suna nan cikin sauran irinsu a layi ɗaya, babu wata alama a jikinsu.

Kabiru S.

Ruwa ba ya tsami banza. Na faɗa muku.

Nura B.

Yaya Kabiru, a hankali. Da ta bi taka, da har yanzu tana ofishin manaja ana musayar yawu, ba ta je sito ba. Bari mu yi lissafin tukuna.

In su daga ƙirga suke fitar da kuɗin kayan da aka sayar, to an rubuta ciniki 48, kuma ba a cire kuɗin kayan ba tunda suna cikin ragowar sito. Kamfanin ya ci riba da kayan kuma yana riƙe da su a littafi. Hanya biyu ce. In cinikin ya tabbata a Disamba, a cire 36 daga sito, riba ta sauka daga 150 zuwa 114. In bai tabbata ba, kayan su zauna a sito, a soke cinikin 48, riba ta koma 102. Ko ta ina aka bi an ninka mizanin 7.5 sau da yawa. Kuma a ganina ta biyun ce, domin mai sito ya ce ba a ware kayan ba, ba a yi musu alama ba. Da wani kwastoma ya zo ranar 2 ga Janairu, daga cikinsu za a loda masa. Sharaɗi biyu sun faɗi ke nan, komai gaskiyar wasiƙar.

Zainab M.

Daga ƙirga suke fitarwa, na tabbatar.

Hajiya Rabi

Kafin a rataye bawan Allah, wannan abin yana faruwa ba tare da mugun nufi ba. Sashen talla ya rubuta inbois, bai gaya wa sito ba, masu ƙirga kuma duk abin da suka gani a ƙasa shi suke rubutawa. Ya taɓa faruwa da ni, odita ne ya gano, na gode masa. Mai niyyar zamba ai da ya ɓoye kayan ranar ƙirga.

Kabiru S.

Ko kuma ya bar su da gangan don riba ta hau sau biyu, Hajiya. Zainab, akwai garaɓasar da manajoji ke samu in ciniki ya kai wani adadi? Ko wani sharaɗin banki a kan riba?

Zainab M.

Akwai. Na duba bayanan taron daraktoci. Ba don wannan inbois ɗin ba, da ba su kai adadin cinikin da aka ɗora musu ba.

Lawal Akanta

Tambayar Kabiru mai kyau ce, kuma irin wadda ya kamata a yi tun ranar tsara aiki. Amsarta ta ƙara nauyin haɗarin, ba ta zama hujjar niyya ba. Abin da ke hannunki yanzu, 'yata: kuskure tabbatacce mai girma, dalilin da zai iya sa mutum ya so shi, webil mai kwanan 30 ga Disamba alhali mota ba ta fita ba, da tambayar da mai saye ya tsallake. A ɗaya gefen kuma: kwastoma na gaske, kaya na gaske da suka isa, kuɗi miliyan 28 da suka shiga banki. Hajiya tana iya zama da gaskiya, Kabiru ma haka, kuma ba aikinki ba ne ki zaɓa yau.

Ki rubuta abin da kika gani kamar yadda yake, da ranaku da sunan takardu, ba tare da kalmar "zamba" ko "kuskure ne kawai" ba. Ki kai wa oganki yau, kada ki koma wajen manajan da shi ke kaɗai. In maganar ta kai ga shugabannin kamfanin ko kwamitin odit, mai sa hannu a rahoto ne zai kai ta. Abin da ya sauya shi ne faɗin aikin: samfurin da kuka ɗauka na ƙarshen shekara bai isa ba kuma. A bi duk inbois na sati biyun ƙarshe a gwada da littafin get, a duba shigarwar da aka yi da hannu a leja a kwanakin rufe littafi, a sake tambayar mai sayen maganar dawo da kaya. Sauran bayanan da manajan nan ya ba ku a wasu wurare kuma a sake duba wanne ne ke tsaye a kan bakinsa kaɗai.

Webil ɗin ne ban gane ba. Wa ya sa hannu a wurin "an karɓa" ranar 30?

Zainab M.

Sa hannun direban kamfanin ne, ba na mai saye ba. Ban lura ba sai yanzu da na sake buɗe hoton.

Hajiya Rabi

A wasu wuraren tare ake buga webil da inbois, direba ya sa hannu ya ajiye har ranar lodi. Ba daidai ba ne, amma ana yi. Ki duba na sauran watanni ki ga ko haka suka saba.

Nura B.

Ki duba hakan, sannan ki ɗauko fayil ɗin bara. In akwai babban inbois ga wannan kwastoman a ƙarshen Disambar da ta wuce, ki bi shi zuwa Maris ki ga ko wani abu ya dawo.

Zainab M.

Oga ya karanta, ya ce a faɗaɗa gwajin zuwa 15 ga Disamba, kuma shi da kansa zai kira daraktan kuɗi. Fayil ɗin bara yana ma'ajiya, sai Litinin za a fito mini da shi.